Na Saya Wa Goggo Littafi, Ta Naɗe Shi Ta Ajiye

Assalamu alaikum Anti. Goggona ce ta riƙe ni tun ina 'yar shekara shida har ta aurar da ni. Yanzu shekarunta 58. Karatun allo ta yi tana yarinya, boko kuwa sai da girma ya zo ta shiga ajin yaƙi da jahilci, tana kuma zuwa Islamiyyar matan aure. Da azumin bara na saya mata littafin tarihin Manzon Allah (SAW) na Hausa, mai shafi kusan 500, da tsadarsa. Ta yi murna, ta sa mini albarka. Amma da na je kwanan nan sai na tarar ta naɗe shi a ɗankwali ta ɗora a saman sif, ko alamar buɗewa babu. Gaskiya raina ya sosu. Wata mai zuwa za su yi walimar sauka. In sake saya mata littafi, ko in haƙura in kai atamfa kamar kowa? In littafin ne, wane iri?

Wata 'yar riƙo, daga Funtuwa

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah Ya saka wa Goggo da alheri, Ya sa albarka a saukar.

Ki cire wannan damuwa daga ranki. Tsohuwar da ta raina kyauta, jikoki take bar wa su yi wasa da ita. Wadda ta nemi ɗankwali mai tsabta ta naɗe abu ta kai shi inda hannun yaro ba ya kaiwa, girmama shi ta yi, ta kuma girmama wadda ta kawo. Abin da ya faru shi ne littafin ya fi ƙarfin karatunta na yanzu, ita kuma ba za ta buɗe baki ta gaya wa yarinyar da ta goya cewa ta kasa ba. Har abada ba za ki ji wannan daga bakinta ba.

Bari mu yi lissafi don ki ga nauyin da kika ɗora mata ba da saninki ba. A ce kowane shafi na littafin nan yana da kalma 300, shafi 500 ya zama kalma 150,000 ke nan. Wanda ya koyi boko da girma, yana bin layi da yatsa yana motsa leɓe, mu ƙaddara yana karanta kalma 40 a minti ɗaya. Shafi guda zai ci masa minti bakwai da rabi, littafin gaba ɗaya kuma sama da awa 60. In Goggo tana samun rubu'in awa kullum bayan ta idar da sallar isha'i, sai ta shafe wata takwas ba fashi kafin ta kai ƙarshe. Kuma irin wannan littafi cike yake da sunayen sahabbai da na ƙabilu da salsala, wane ɗan wane ɗan wane, ga lambobin hadisi a ƙasan shafi da ƙananan baƙaƙe. Mai karatu a hankali, kafin ya kai ƙarshen doguwar jimla ya manta da farkonta, sai ya koma. In ya koma sau uku a shafi ɗaya, sai ya rufe. Ba Goggo kaɗai ba, kowa haka yake.

Littafin nan kada ki karɓe shi, kada ki ce za ki musanya. Duk lokacin da kika je, ki ce, "Goggo, ɗauko mana littafin nan mu ji wani abu," ke ki karanta babi ɗaya, ita tana saurare tana gyara miki sunayen da ta sani daga wurin wa'azi. Za ki sha mamakin yawan abin da ta riga ta sani da ka.

Amsar tambayarki kuwa, ki haɗa biyun. Atamfa ki kai ta ranar walima a gaban jama'a, domin ita ce ake ɗagawa a nuna wa 'yan'uwa a ce ga abin da wance ta kawo, kuma Goggo tana da haƙƙin wannan alfahari. Littafin ki ba ta daga baya, ku biyu a ɗaki. Amma kafin ki je kanti, akwai aikin da za ki yi a gidanta, kuma shi ne aikin da kika tsallake bara.

Ki fara da idonta. Yawancin mutane in sun haura shekara 40, ganin abu na kusa yana raguwa, wannan ba ciwo ba ne, girma ne. Ki lura da ita in za ta duba lamba a waya ko takardar magani. Tana miƙe hannu ta nesanta takardar daga fuskarta? Tana tashi ta nufi bakin ƙofa neman haske? Tana cewa kanta na sarawa in ta daɗe tana dubawa? To, wannan mai buƙatar tabarau ce, kuma ko wane littafi kika kawo, saman sif zai koma. Ki kai ta asibitin ido a auna ta. Wani lokaci tabarau ɗin karatu kawai za a rubuta, wani lokaci kuma a gano yanar ido ko hawan jinin ido da wuri, kin ga an ci riba biyu.

Sai dai akwai wata dabara ta manya da ya kamata ki sani. "Karanta mini, idona ba ya gani" magana ce da ake fakewa da ita in karatun ne ya yi wuya. Yadda za ki bambanta shi ne ki gwama rubutu biyu masu girma ɗaya. In tana bi ta kan Alƙur'aninta tiryan-tiryan amma tana cijewa a rubutun boko mai girman baƙi irin nasa, a cikin haske ɗaya, to ido lafiya lau, bokon ne bai nuna ba tukuna. Ki yi hattara da abu ɗaya: surorin da ta haddace ba ma'auni ba ne, don da ka take jan su ko da idon bai gani sosai ba.

Kada ki kuskura ki miƙa mata littafi ki ce ta karanta ki ji. Wannan jarrabawa ce, kuma babba ba ya yafe ta da wuri. Ki nemi taimakonta ne. Ki sa hannuwanki a ƙullu ko a wanke-wanke, ki ce, "Goggo, don Allah duba mini katin bikin nan, yaushe ne ɗaurin auren, a wane masallaci?" Kina aikinki kina kasa kunne. In ta karanto layi biyu ko uku a jere, muryarta na hawa da sauka kamar mai magana, ta kai matakin gajerun labarai. In tana yanka kalma gaɓa-gaɓa sannan ta maimaita ta a haɗe, tana bukatar rubutu mai gajerun layuka, wanda kuma ta riga ta san abin da ke ciki. In kuwa ta gano ranar da sunan masallacin kawai ta hanyar laluben lambobi, to a yanzu littafin da za a karanta mata take bukata, ita tana bin layi da ido.

Daga nan ki leƙa jakar da take zuwa makaranta da ita, da ƙarƙashin matashinta. Littattafan da mutum ke karantawa da gaske suna tona kansu: gefen takardun ya yi duhu saboda yatsa, akwai tabon mai, an naɗe kusurwa, an sa tsinken tsintsiya a inda aka tsaya. Ki duba girman baƙinsu da kaurinsu. Abin da za ki saya ya zama daidai da su ko ya ɗara su kaɗan. Ki duba kuma da wane rubutu suke, don nan ne 'yan boko muke yawan yin tuntuɓe. Wadda ta yi allo a ƙasar Hausa, da ruwayar Warshu ta tashi, da rubutun da ake sa wa baƙin fa ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Islamiyyu da yawa kuwa da Hafsu suke karantarwa, inda fa ke da ɗigo ɗaya a sama, ƙaf biyu. Ke nan baƙin da ta sani a matsayin ƙaf a allo, a can fa ne. In har Alƙur'ani ko wani littafin addu'a za ki saya, ki tabbatar irin wanda hannunta ya saba da shi ne yau. Amma ni ba zan ba ki shawarar Alƙur'ani a wannan karon ba, domin ranar sauka shi kowa zai kawo.

Yanzu ga inda kan yawancin masu kyauta yake ɗaurewa. Sun gane cewa mutum karatunsa bai yi nisa ba, sai su tafi sashen yara su ɗauko littafin firamare mai hoton akuya da ƙwallo. Jerin nan na Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu sun yi wa mutane da yawa amfani a aji, amma ba kayan kyauta ba ne ga matar da ta aurar da 'ya'ya. Goggo baƙaƙe ne take bi a hankali, Hausa kuwa ta fi ki nesa ba kusa ba. Karin maganar da ke za ki tsaya ki tambayi ma'anarsa, ita tun kafin a ƙarasa shi ta yi dariya. Saboda haka abin nema shi ne littafi mai zancen manya, amma wanda aka yanka shi guntu-guntu, yadda za ta ɗauki guntu ɗaya ta gama a zama ɗaya. Tuwo ne dai, loma-loma ake cinsa.

In mai son labari ce, irin wadda ba ta wasa da wasan kwaikwayon rediyo kuma take ba jikoki tatsuniya, ki nemi Magana Jari Ce na Abubakar Imam. Littafi uku ne, an fara buga su a Zariya a 1937, amma na farko kaɗai za ki kai mata. In kika jibge mata ukun, mun koma gidan jiya. Amfaninsa a gare ta shi ne labaran da aku ke bayarwa kowanne tsaye yake da ƙafarsa, shafuka kaɗan ne ya ƙare. Labari mai shafi huɗu, a lissafinmu na ɗazu, rabin awa ne. Ta gama, ta rufe littafi tana da abin ba wa maƙwabciya gobe. Wahalarsa biyu ce. Farkonsa, inda ake shimfiɗa labarin sarki da ɗansa Musa da waziri da yadda aka samo akun, ya fi labaran ciki tsawo, don haka wannan ke za ki karanta mata. Sannan Imam yana da dogayen jimloli a wasu wurare. In kin ga tana cijewa sosai a katin biki, ki jinkirta shi zuwa wata shekara.

Ga wadda ke yanka kalma gaɓa-gaɓa, ni waƙa nake zaɓa, kuma mutane ba su cika tunawa da ita ba. Layin waƙa gajere ne, akwai fili a shafi, amsa-amo kuma yana taimaka wa mai karatu ya hango ƙarshen layi kafin ya isa. Uwa uba, in ta san waƙar da kunne, idonta bin sawu kawai zai yi. Waƙoƙin Imfiraji na Malam Aliyu Namangi, makahon malamin nan na Zariya, da wuya a ce mace mai shekarun Goggo a ƙasar Funtuwa ba ta taɓa jin ana rera su a ƙofar gida ko a rediyo ba. An buga su da boko, an kuma buga da ajami, don haka in kin ga 'yan littattafan ajami a jakarta, ki tambayi masu sayar da littattafan addini na ajamin. A Kano, Kasuwar Kurmi ce matattararsu. Wanda ya bi baiti goma da ya sani da ido, ya ga kalmomin da ke bakinsa a kwance a takarda, karatunsa yana sakin jiki fiye da wanda ya yi kokawa da shafi goma na baƙon zance.

Sai ki auna wannan da aƙidarta. Begen Annabi yana da yawa a waƙoƙin malaman da, wasu gidajen suna ƙaunarsa, wasu Islamiyyun kuma suna da ra'ayi a kan wasu lafuzza. Kin fi ni sanin ɓangaren da Goggo take. Kyautar sauka ba wurin jan mutum zuwa ra'ayinki ba ne. In ke da ita kun bambanta a nan, ki sayi abin da malamarta ba za ta ɗaga gira ba in ta gani, ko ki bar fagen addini gaba ɗaya ki koma labari.

Littattafan marubutanmu na zamani kuwa, waɗanda ake kira na soyayya, ni ba na cikin masu yi musu kallon raini. Mata da yawa a kansu karatunsu ya nuna, don labarin yana jan mutum ya buɗe shafi na gaba ko ya gaji. Wasu ma zaman gida da kishi da riƙon 'ya'ya suke magana a kai, zancen manya sosai. Amma daga hannunki zuwa na Goggo akwai kunya, kuma akwai abin da ya fi kunya haɗari, wato habaici. Ki ɗauki misalin Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, labarin matar da miji ya kora da 'ya'yanta bayan ya yi amarya, ta tashi ta riƙe su da sana'arta. Wata in ta karanta za ta ji an share mata hawaye. Wata kuma, in abin ya yi kama da nata tarihin, za ta kwana tana tunanin me kike nufi da kika kawo mata. Haka littafin haƙƙin miji, ko na tarbiyyar 'ya'ya, ko na illar gulma: in ƙarami ya miƙa wa babba irinsu, gugar zana ake ɗauka. Dokar a nan guda ce, duk abin da za ki ba ta, ki karanta shi da kanki daga bango zuwa bango tukuna. In kuma mai kashi-kashi ne, na ɗaya da na biyu da na uku, ki tabbatar sauran suna samuwa kafin ki fara mata.

A kanti kada bango ya ruɗe ki. Ki buɗe tsakiyar littafin, ki miƙe hannu da shi kamar yadda Goggo ke yi, ki gani ko baƙin yana fitowa. Ki duba ko rubutun bayan takarda yana ɓullowa ta gaba, don siririyar takarda tana haɗa layuka biyu a idon tsoho. Tsofaffin littattafan nan da suka yi suna, akwai masu kwafarsu su buga ba bisa ƙa'ida ba, tawada ta kwanta a wani shafi ta dushe a wani, wani lokaci ma shafuka su ɓace ko su zo a juye. Ki bi lambobin shafi da sauri daga farko zuwa ƙarshe. Sannan ki duba ko an sa wa ƙ da ɗ da ɓ lanƙwasarsu. Ke da kika saba, ko an rubuta "baki" a wurin "baƙi" ma'anar jimla za ta gyara miki ba ki ma lura ba. Ita kuwa abin da ta gani shi za ta furta, ta ji zancen bai zauna ba, ta zaci ita ce ta yi kuskure, ta koma farkon layi. Littafin da aka buga ba lanƙwasa, ko aka manne kalmomi barkatai, ko aka cusa Turanci a kowane sakin layi, ki ajiye shi ko da labarinsa ya kai zuma daɗi. Ki fi son mai gajerun sakin layi da yawan zance tsakanin mutane, wane ya ce, wance ta ce, domin irin wannan shafi yana da wurin hutawa.

In kin saya, ki buɗe shafin farko ki rubuta mata layi biyu ko uku da manyan baƙaƙe rarrabe, ba rubutun haɗe na asibiti ba: sunan da kike kiranta da shi, da addu'a, da shekarar saukar. Shi za ta fara karantawa, kuma shi za ta fi maimaitawa. Ranar da kika kai, ki zauna ku fara tare. Ki karanta shimfiɗar, ki shiga labarin farko, in ya ɗauko daɗi sai ki tuna kina da tukunya a wuta. Ki bar littafin a buɗe kusa da ita, da tabarau a kai.

Bayan nan, kalmar "kin gama?" ta fita daga bakinki. In kun yi waya, ki tambayi labarin, ki ce, "Ni fa na manta yadda mutumin nan ya ƙare, Goggo, ya aka yi ne?" In ta ba ki amsa har da ƙari da sharhi, kin dace, sai ki fara neman na biyu. In ta ce ai jikanta ne ya karanta mata, wannan ma ba asara ba ce, amma alama ce a sauko mataki ɗaya, a koma waƙa ko wani ɗan ƙaramin littafi mai shafi 30 zuwa 40. In kuwa ta kawar da zancen sau biyu, kada ki yi na uku. Ki bari sai kin je ki duba gefen takardun da idonki. In sun yi duhu a shafukan farko kawai, ki buɗe daidai inda duhun ya tsaya ki karanta shafin, a nan za ki ga abin da ya tsayar da ita, ko doguwar jimla ce, ko tawada ce ta dushe, ko labarin ne bai yi mata ba.

Allah Ya kai mu ranar walimar lafiya. Ki gaishe mini da Goggo.